Alƙalamin Injiniya a Wurin Gini: Ba da Umarni Ba Tare da Canza Kwangila Ba



A kusan kowane wurin gini na kirki akwai wani littafi mai shafi biyu ko uku da takardar kwafi a tsakani, wanda injiniya ko mai zanen gini yake rubuta umarni a ciki idan ya zo duba aiki. Yawanci a tsaye ake rubutun, cikin rana, injin kwaɓa kankare yana ta ƙara, foman yana jira a ba shi takardarsa ya koma kan lebura. Layi uku ne ko huɗu. Bayan wata takwas, lokacin da aka zauna lissafin ƙarshe, waɗannan layuka ne ɗan kwangila zai ɗora a kan tebur ya ce an canza masa aiki, don haka a biya shi ƙari, a kuma ƙara masa lokaci. Injiniya zai ce shi gyara kawai ya nema. Mai aiki kuwa zai tambayi wanda ya ba da izinin kashe masa kuɗin da ba ya cikin kasafi. Hujjar da zan kafa a wannan lacca ita ce: abin da yake mai da umarni ya zama canjin aiki, wanda a bakin ma'aikata ake kira bariyeshan, shi ne abin da umarnin ya nema idan aka gwada shi da abin da kwangila ta riga ta wajabta. Kan takardar, da niyyar wanda ya rubuta, da hatimin da aka buga a ƙasanta, duk suna bayan wannan. Saboda haka gwanintar rubuta umarni ita ce gwanintar ɗaure kowace jimla da kwangila.

Zan dogara da Jan Littafin FIDIC, domin shi ne tsarin kwangilar da aka fi sani a manyan ayyukan injiniya, kuma yawancin sauran tsare-tsaren da muke amfani da su suna tafiya a kan tunani iri ɗaya. A bugun 1999, sashe na 3.3 ya ba injiniya ikon ba da umarni a kowane lokaci, ya kuma wajabta wa ɗan kwangila ya bi. Sai dai sashen ya ƙara da cewa idan umarnin ya kasance canjin aiki, to sashe na 13 ne zai yi hukunci. A lura, sharaɗin shi ne umarnin ya kasance canji, ko injiniya ya kira shi da wannan suna ko bai kira ba. Sashe na 13.1 kuwa ya faɗi abubuwan da canji yake iya ƙunsa, kuma suna da faɗi ƙwarai: sauya yawan wani aiki, ko ingancinsa da siffarsa, ko tsayinsa da matsayinsa da girmansa, ko cire wani aiki, ko ƙara wani, har da sauya jerin yadda za a gudanar da aiki ko lokacinsa. Wannan na ƙarshe shi ne mutane suka fi mantawa. Wanda ya rubuta cewa a bar ɓangaren gabas a fara da na yamma bai ƙara ko buhun siminti ɗaya ba, amma ya taɓa jeri, kuma mai yiwuwa ya buɗe ƙofar neman ƙarin kuɗi.

Akwai shari'ar da ta fi kowace bayyana wannan haɗari, wadda aka yi a Ingila a 1958, tsakanin kamfanin Simplex Concrete Piles da hukumar unguwar St Pancras ta birnin Landan. Kamfanin ya ɗauki kwangilar kafa turakun kankare na harsashi, waɗanda ake bugawa cikin ƙasa, da alkawarin za su ɗauki wani nauyi da aka ƙayyade. Da aka yi gwaji sai ya bayyana cewa hanyar ba za ta ba da abin da ake so ba. A ƙa'ida wannan matsalar kamfanin ce, domin shi ya yi alkawarin sakamakon. Sai kamfanin ya kawo shawara cewa a koma ga turakun da ake haƙa rami a zuba, mai zanen ginin kuma ya rubuta wasiƙa yana cewa sun amince da shawarar, yana ambaton farashin da aka gabatar. Kotu ta yanke cewa wannan wasiƙa umarnin canjin aiki ce, kuma dole a biya kamfanin kuɗin sabuwar hanyar, duk da cewa ba don wasiƙar ba da shi ne zai ɗauki asarar. Hukuncin kotun Ingila ba ya ɗaure kotunanmu, amma lauyoyi da masu sasanta rikicin kwangila suna kafa hujja da irinsa, kuma darasin da ke cikinsa bai tsufa ba. Mai zanen ginin taimako ya yi niyya, yana so aiki ya ci gaba. Abin da ya rasa jimla ɗaya ce da za ta nuna cewa sassauci aka yi wa ɗan kwangila a kan kuɗinsa da alhakinsa.

Bari mu sauko da maganar kan misalin da kowa a nan zai gane. A ce ana gina ajujuwa masu hawa ɗaya. Zane ya nuna ginshiƙai masu faɗin milimita 225 kowane gefe, daidai da kaurin bulo mai inci tara, tsayinsu mita 3, kowanne da rodi huɗu masu kaurin milimita 16. Takardar ƙa'idojin aiki ta ce kankaren ya kai ƙarfin 25 a kwana 28. An ɗebi samfur ranar zubi, an kai ɗakin gwaji, sakamakon ginshiƙai shida na layin gaba ya fito 18. Injiniya ya zo, ransa a ɓace, ya rubuta: “A fasa ginshiƙan gaba guda shida, a sake zuba su da kankare mai ƙarfin 30, a sa rodi mai milimita 20, a gama kafin ranar Alhamis.” A ganinsa ya nuna ba ya wasa da inganci. A idon mai ƙiyasin ɗan kwangila kuwa ya yi canji har guda uku a layi biyu. Kwangila ta ce 25, shi ya ce 30, wannan sauya inganci ne. Zane ya ce 16, shi ya ce 20, wannan sauya girma ne. Kuma bai ambaci sakamakon gwajin ba ko kaɗan, don haka wanda ya karanta takardar bayan shekara ba zai ga laifin ɗan kwangila a cikinta ba, abin da zai gani shi ne injiniya ya sake tunani a kan zanensa ya ce a fasa aikin da aka gama. Daga nan ɗan kwangila zai nemi bambancin farashin kankare da rodi, ya haɗa da kuɗin fasawa, da kwanakin da aikin dekin ya tsaya. Zai ma iya cewa tun da injiniya ya ga ya dace a ƙara rodi, ashe zanen ne mai rauni tun farko.

Yanzu ga yadda ya kamata a rubuta, kuma ina roƙon a saurari inda kowace jimla ta jingina: “Sakamakon gwajin kwana 28 na samfurin da aka ɗiba ranar kaza, mai lamba kaza, ya nuna ƙarfin 18 ga ginshiƙai shida na layin gaba, daga na ɗaya zuwa na shida. Sashe kaza na ƙa'idojin aiki ya buƙaci 25. An ƙi karɓar waɗannan ginshiƙai a ƙarƙashin sashe na 7.5. A cire su a sake yin su daidai da zane mai lamba kaza da ƙa'idojin aiki, a ƙarƙashin sashe na 7.6. Kafin a fara, a gabatar da bayanin hanyar da za a bi da lokacin da za a ɗauka. Wannan umarni na neman cika abin da kwangila ta riga ta wajabta ne.” Babu adadi ko ɗaya a cikin wannan takarda da ba a ɗauko shi daga kwangila ko daga takardar gwaji ba. Ta faɗi abin da aka gani, da abin da ya kamata a gani, da sashen da ya ba da ikon magana. Ta kuma bar wa ɗan kwangila yadda zai yi, domin sashe na 4.1 ya ɗora masa alhakin hanyoyin gini da amincin duk abin da ake yi a wurin. Idan injiniya yana ganin lallai 30 ake bukata, yana da ikon ya nema, amma sai ya ware wannan a takarda dabam, ya kira shi canji da sunansa, ya sanar da mai aiki, a biya bambancin. Cakuɗa gyaran laifi da inganta zane a takarda ɗaya shi ne yake sa kuɗin laifin ya bi kuɗin ingantawar zuwa aljihun mai aiki.

Labarin bai ƙare a nan ba, domin a mafi yawan lokuta ɗan kwangila ba ya son fasawa, musamman idan an riga an kafa katakon bim a sama. Zai dawo da shawara: a bar ginshiƙan, a yi musu riga ta kankare mai kaurin milimita 75 kowane gefe da ƙarin rodi. Wannan shi ne daidai wurin da mai zanen St Pancras ya zame. Idan injiniya ya rubuta “An amince, a ci gaba,” ya ba da umarnin ginshiƙi mai faɗin 375 a maimakon 225. Kankaren da za a ƙara ba shi da yawa, kusan kubik mita 0.27 ne ga kowane ginshiƙi, wato kimanin 1.6 ga duka shidan. Amma ginshiƙin da a da yake ɓoye cikin bango yanzu zai fito da milimita 75 ciki da waje. Filasta ta ƙaru, firam ɗin taga da ke kusa ba zai zauna inda aka zana ba, tayil sai an yanka, baranda ta ragu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai zo da takardar neman kuɗinsa, dukansu kuma za su nuna kalmar “an amince” a matsayin uwarsu. Amsar da ta dace ita ce a rubuta cewa shawarar ta ɗan kwangila ce don gyara aikin da aka ƙi karɓa, cewa an karɓe ta a matsayin sassauci a madadin fasawa, cewa kuɗinta da kuɗin duk abin da ta jawo a sauran sassan aiki da duk jinkirin da ta haifar suna wuyansa, kuma alhakin ingancin gyaran yana kansa. Sannan a nemi ya sa hannu kafin a fara. Ina ƙara jaddada cewa mai aiki ma ya sa hannu, domin sashe na 3.1 bai ba injiniya ikon gyara kwangila ko sauke wa wani ɓangare nauyin da ke kansa ba, karɓar abin da ya saɓa wa zane kuwa ya kusanci hakan.

Na san abin da wasu za su ce: me ya kawo wannan dogon bayani, alhali ana iya buga hatimi a ƙasan kowace takarda cewa umarnin ba ya ɗauke da ƙarin kuɗi ko lokaci? Ofisoshi da yawa haka suke yi. Hatimin yana da amfani guda ɗaya, yana nuna matsayin injiniya a ranar, yana kuma tilasta wa ɗan kwangila ya yi magana da wuri idan bai yarda ba. Iyakarsa ke nan. Injiniya ba ɓangare ba ne a kwangilar, kuma ba zai soke haƙƙin da sashe na 13 ya bayar da tambarin roba ba. Idan takarda ta ce a zuba 30 inda kwangila ta ce 25, hatimi goma ba za su mai da 30 ta zama 25 ba. Akwai ma illa: idan kowace takarda tana ɗauke da hatimin, har da waɗanda kowa ya san canji ne, to mai sasanci zai daina ba shi nauyi gaba ɗaya, ranar da ake bukatarsa da gaske sai a tarar ba shi da daraja.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan ƙarfi, kuma ban ɗauke shi da wasa ba. Ana cewa a wuraren aikinmu sau da yawa ɗan kwangila ba shi da injiniya tsayayye, foman ne da birkiloli, idan ba a gaya musu yadda za su yi dalla-dalla ba, za su fasa ginshiƙi ba tare da tokare bim ba, a rasa rai. Gaskiya ne, kuma rai ya fi kowane lissafi. Amma barin hanya ga ɗan kwangila ba ya nufin injiniya ya naɗe hannu. Yana da ikon ya nemi bayanin hanyar a rubuce, ya duba, ya mayar da shi idan bai gamsar ba tare da faɗin dalili, misali cewa bayanin bai nuna yadda za a tallafe nauyin da ke sama ba. Yana iya hana a fara har sai an kawo wanda ya gamsar. Bambancin yana tsakanin cewa “hanyarka ba ta nuna tokara ba, sake kawowa” da cewa “sa tokara takwas na ƙarfe a tazarar kaza.” A ta farko hanyar tana nan ta ɗan kwangila. A ta biyu ta koma ta injiniya, da kuɗinta da haɗarinta, idan ta rushe kuma sunansa ne a takarda. Inda haɗarin yake na gaggawa, sashe na 7.6 ya ba da ikon a umarci aikin da ake bukata nan take don aminci, sai a yi amfani da shi a ambaci dalilin. Idan kuwa ɗan kwangila ya kasa kawo hanya mai aminci bayan an mayar masa sau biyu ko uku, matsalar ta wuce ta kalmomi, ta zama ta cancantar ma'aikatansa, kwangila kuma tana da wurin da ake magance wannan.

Ƙorafi na uku daga 'yan kwangila yake fitowa, kuma suna da hujja. Suna cewa duk wannan dabara ce ta sa su yi ƙarin aiki kyauta da sunan “bayani” ko “cika ƙa'ida.” Hakan yana faruwa, kuma zalunci ne. Idan zanen mai zanen gini ya nuna abu ɗaya, na injiniya ya nuna wani, aka warware saɓanin ta hanyar da ta fi tsada fiye da abin da takardar da ke gaba a jerin fifiko ta nuna, kiran wannan “bayani” ba ya hana shi zama canji. Ma'aunin da nake kira a yi amfani da shi yana yanka ta kowane gefe. Kafin a sa hannu, mai rubutu ya tambayi kansa: idan da ban rubuta wannan ba, shin kwangila ta riga ta wajabta masa yin sa? Idan amsar e ce, ya nuna sashen da zanen. Idan ya nemi sashen ya rasa, to canji yake rubutawa, sai ya faɗa a fili. Injiniyan da yake ɓoye canji na gaskiya da wanda yake haifar da canji bisa kuskure ciwo ɗaya ke damunsu, dukansu ba su buɗe kwangilar ba kafin su ɗauki biro.

Maganar lokaci gajeriya ce amma tana cin kuɗi. “A ƙara ma'aikata, a yi aikin dare” umarni ne na gaggauta aiki, kuma ana biyansa. Idan ɗan kwangila ne ya yi jinkiri da kansa, sashe na 8.6 ya nuna hanya: a faɗi inda aiki yake da inda jadawali ya ce ya kamata ya kasance, a nemi ya kawo sabon jadawali da matakan da zai ɗauka, a kan kuɗinsa. Sharaɗin shi ne jinkirin ba daga cikin dalilan da ke ba shi haƙƙin ƙarin lokaci ya fito ba. Wanda ya riƙe zane wata guda sannan ya rubuta takardar 8.6 ya rubuta hujja a kan kansa.

Saura maganar baki, wadda Hausawa suka ce zarar bunu ce. A bugun 1999, idan injiniya ya ba da umarni da baki, ɗan kwangila ya rubuto tabbaci cikin kwana biyu na aiki, injiniya kuma bai mayar da amsa ba cikin kwana biyu na aiki bayan ya karɓa, to takardar ɗan kwangilar ta zama rubutaccen umarnin injiniya. Ma'ana, wanda ya ce “ai da kun ɗan ƙara kaurin nan” yana wucewa, ya kuma bar wasiƙun ofis ba a buɗe ba, ya bar wa ɗan kwangila ya zaɓa masa kalmomi. Bugun 2017 ya zo da wani tsari a sashe na 3.5. Idan umarni bai ce shi canji ba ne amma ɗan kwangila yana ganin canji ne, dole ya ba da sanarwa da dalilansa nan take, kafin ya fara aikin. Injiniya yana da kwana 7 ya tabbatar da umarnin, ko ya janye shi, ko ya gyara shi. Idan ya yi shiru, ana ɗauka ya janye. A misalinmu na ginshiƙai, wannan yana nufin injiniyan da ya rubuta 30 da rodi mai milimita 20 zai sami sanarwa washegari, yana da mako guda ya koma ga 25 da 16 ya ambaci sakamakon gwajin. Idan kuwa sanarwar ta kwana bakwai a cikin aljihun tebur, umarnin fasawar ya faɗi gaba ɗaya, ginshiƙai shida masu ƙarfin 18 suna nan tsaye, kuma sai an sake rubuta sabuwar takarda a ƙarƙashin sashen da ya dace kafin a taɓa su.